Buhu 48 na masara da ɗaurin wata 24: yadda majistare ta auna hukuncin wani mai tsaron sito a Gombe

Lamarin da ke tafe misali ne da na gina daga irin shari'o'in cin amana da ke zuwa kotunan majistare a Gombe, ba tare da sunan kowa ba. Sassan dokar da na ambata kuwa na gaske ne. Na zaɓi wannan irin shari'a ne saboda a cikinta ake ganin aikin alƙali ƙarara bayan an gama batun ko mutum ya aikata ko bai aikata ba, an koma kan tambayar da ta fi wahala: me ya cancanta?

Abin da ya faru

Wani ɗan kasuwa da ke da sito a kasuwar Tudun Hatsi yana da yaro mai tsaron sito, ɗan shekara 34, mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Shekara tara yana tare da Alhajin. Makullin sito a hannunsa yake, haka ma littafin da ake rubuta shige da ficen kaya. Albashinsa naira dubu 40 ne a wata, ban da ɗan ihsanin da ake yi masa idan an yi lodi.

Cikin wata bakwai ya fitar da buhu 48 na masara, a karo goma sha ɗaya, ya sayar. Ba ya ɗiba da yawa lokaci guda. Buhu uku ne, huɗu ko biyar, sai ya rubuta a littafi cewa ƙwari sun ɓata su, ko ya ƙara su cikin lissafin motar da aka yi wa lodi. An ƙiyasta kuɗin kayan a kan naira miliyan 2 da dubu 400, wato dubu 50 kowane buhu.

Da Alhajin ya sa aka ƙirga kaya gab da kaka, sai giɓin ya bayyana. Mai tsaron siton bai yi shiru ba, bai kuma amsa ba. Ya nuna wani ɗan dako da ke kwana a bakin siton, ya ce shi yake zargi. Aka kama ɗan dakon, ya kwana uku a hannun 'yan sanda, har sai da wani mai sayen hatsi ya zo ya faɗi wanda yake sayar masa da masarar. Ko bayan an sake shi, 'yan kasuwa da dama sun daina kiransa dako.

Aka gurfanar da mai tsaron siton a gaban babbar majistare bisa tuhumar cin amana. Ranar farko ya musanta. An ba da belinsa amma ya kasa cika sharuɗɗa, don haka ya yi wata huɗu a tsare. Bayan Alhajin da ɗan dakon sun ba da shaida, aka kuma gabatar da littafin sito, sai ya sauya magana ya amsa laifinsa. Kafin ranar yanke hukunci danginsa sun sayar da babur ɗinsa da wani yanki na gona, suka mayar wa Alhajin naira dubu 900.

Iyakar da doka ta shata

Kafin majistaren ta saurari roƙon kowa, sai da ta duba iyakar filin da doka ta ba ta. Kundin Final Kod na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya raba cin amana hawa-hawa. A tsarinsa na asali, sashe na 312 ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara bakwai, ko biyan tara, ko duka biyun, ga cin amana gama-gari. Sashe na 314 kuma ya keɓe wanda aka damƙa wa dukiya a matsayinsa na akawu ko bara: ɗauri har shekara goma, kuma ana iya haɗa masa da tara. Wasu jihohi sun yi wa kundin kwaskwarima har lambobin sassa suka sauya, amma wannan bambanci tsakanin baƙo da na gida yana nan. A ƙarƙashin sashe na 314 aka tuhumi mutumin nan.

Shekara goman nan rufi ne, ba ita ce hukuncin da ake fara lissafi da shi ba. An ajiye ta ne domin mafi munin nau'in laifin a hannun mafi munin mai laifi. Akwai kuma rufi na biyu, domin kowace kotun majistare tana da iyakar ɗaurin da darajarta ta ba ta ikon yankewa, kuma ba za ta haura shi ba ko da sashen ya ba da fiye.

Ba kowane laifi ne ke da wannan sarari ba. Fashi da makami, a dokar tarayya da ta keɓe shi, hukuncinsa kisa ne, haka ma kisan kai da ya faɗa ƙarƙashin sashe na 221 na Final Kod. A irin waɗannan, komai daɗin roƙo, hannun alƙali a ɗaure yake. Masu ilimin fiƙihu sun san wannan rabo tun da daɗewa: haddi ƙayyadadde ne, ta'aziri kuwa an bar shi ga ijtihadin alƙali. Ha'inci ma a fiƙihu ba a yanke hannu a kansa, domin akwai hadisin da ya cire maha'inci daga haddin sata, sai ya koma ta'aziri. Ke nan ta kowace fuska aka duba, laifin mai tsaron siton irin wanda sai an auna ne.

Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta tarayya ta 2015, wadda jihohi suka yi nasu dokokin bisa sawunta, ta zayyana abubuwan da alƙali zai riƙe a nan. Sashe na 416 ya ce a duba kowace shari'a bisa yanayinta, kada a yanke wa mai laifin farko mafi girman hukunci, a binciki tarihin mutum kafin a yanke, kuma a lissafa zaman da ya yi a tsare yana jiran shari'a. Sashe na 401 kuma ya jera manufofin hukunci, daga cikinsu akwai tsawatarwa, gyara hali, kare jama'a da mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Waɗannan manufofi ba kullum suke tafiya tare ba, kuma a wannan shari'ar sun yi karo da juna.

Abin da kowane ɓangare ya kawo

Mai gabatar da ƙara ya nemi hukunci mai tsanani. Ya ce mutumin ya ci amanar wanda ya riƙe shi shekara tara, ya maimaita laifin sau goma sha ɗaya, ya ɓata littafi, ya jefa marar laifi a wahala, ya kuma ɓata wa kotu lokaci da musu. Sannan ya ƙara da cewa ana faɗa a kasuwa an taɓa kama shi da irin haka a wurin wani ubangida.

Lauyan da ke kare shi ya ce wannan ne karon farko da aka taɓa samunsa da laifi, ya amsa da bakinsa, an mayar da dubu 900, yana da iyali, kuma rashin lafiyar mahaifiyarsa ce ta tura shi. Ya miƙa rasit na asibiti da na magani. Ya roƙi a ba shi zaɓin tara, ko a sa shi biyan diyya a madadin ɗauri, tunda sashe na 78 na Final Kod ya yarda a yi umarnin biyan diyya ko dai a haɗe da wani hukunci ko a madadinsa.

Da aka ba mai laifin dama, sai ya ce: "Ranki ya daɗe, na yi kuskure, kuma kunyar Alhaji ta fi min ɗaurin ciwo. Ina roƙon kotu ta dube ni saboda yarana."

Alhajin ma ya nemi magana. Ya ce: "Ranki ya daɗe, yaron nan a hannuna ya girma. Ni dai a dawo min da sauran kuɗina, abin da ke tsakanina da shi na bar wa Allah."

Majistaren ba ta yanke a ranar ba. Ta ɗage zuwa mako na gaba. Ina ganin wannan ɗagewar tana cikin aikin, domin hukuncin da aka yanke ana cikin zafin shaida ko ana cikin kukan iyali yakan karkata zuwa ga wanda ya yi magana a ƙarshe.

Tankaɗe kafin awo

Idan aka ƙirga, mai gabatar da ƙara ya kawo dalilai shida, lauya ya kawo biyar. Da ƙirga ake yi da an gama. Amma abin da ta fara yi shi ne tankaɗe, kamar yadda mai awo ba ya ɗora hatsi a sikeli sai ya fitar da tsakuwa. Dalilai uku na mai gabatar da ƙara ba su tsallake ba.

Na farko shi ne zancen cewa an taɓa kama shi. Tsohon laifi yana ƙara nauyi ne idan wata kotu ta taɓa tabbatar da shi, kuma an kawo takardar hukuncin ko mai laifin ya amsa da kansa. Ta tambayi mai gabatar da ƙara ko yana da takarda, ya ce babu. Sai ta rubuta cewa a idon kotu wannan mai laifin farko ne. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗauki kowa a matsayin marar laifi har sai an tabbatar, kuma samun mutum da laifi guda bai buɗe ƙofar a ɗora masa duk abin da ake raɗe-raɗi a kansa ba.

Na biyu shi ne musun da ya yi da farko. Haƙƙinsa ne ya ce a kawo hujja. Ba a ƙara wa mutum ɗauri don ya nemi a yi masa shari'a. Abin da musun ya jawo masa shi ne ya rage ladan amsa laifin da ya yi daga baya, kuma za mu zo kan wannan.

Na uku ya fi dabara, kuma a nan kotuna suka fi zamewa. Mai gabatar da ƙara ya tsaya tsayin daka a kan cewa mutumin ya ci amanar ubangidansa. Gaskiya ne, amma ai wannan shi ne laifin kansa. Kasancewarsa bara da aka damƙa wa kaya shi ne ya ɗauke shi daga sashe mai rufin shekara bakwai zuwa mai rufin shekara goma. Doka ta riga ta caje shi kuɗin wannan. Idan alƙali ya sake ɗaukarsa a matsayin dalilin ƙara tsanani, ya hukunta shi sau biyu a kan abu guda. Abin da za a iya dubawa shi ne girman amanar: akwai bambanci tsakanin yaron da aka aika da kuɗin cefane da wanda aka miƙa wa makulli da littafi ba mai duba bayansa. Wannan ta yi la'akari da shi wajen sanya laifin a matsayinsa, amma ba ta sake lissafa shi daga baya ba.

Inda ta fara

Tambaya biyu ta yi wa laifin kansa, ba tare da duba waye mai shi ba tukuna. Yaya zurfin gangancin? Yaya girman ɓarnar?

Ta fuskar ganganci, wannan ba zamewar rana ɗaya ba ce. Wanda ya ɗauki buhu biyar sau ɗaya cikin matsi yana iya cewa shaiɗan ne ya rinjaye shi. Wanda ya koma sau goma sha ɗaya cikin wata bakwai ya samu dama goma ta ya tsaya bai tsaya ba, kuma kowane karo sai da ya zauna ya rubuta ƙarya a littafi. Ta fuskar ɓarna kuwa, miliyan 2 da dubu 400 kuɗi ne masu yawa, albashinsa ne na shekara biyar, amma ba su durƙusar da kasuwancin Alhajin ba. Da a ce jarin wata bazawara ce mai sayar da awo aka cinye gaba ɗaya, ko da kuɗin ba su kai rabin haka ba, ɓarnar za ta fi nauyi. Adadi kaɗai ba ya faɗin ɓarna sai an san wanda aka yi wa.

Sai ta sanya laifin a tsakiya: ganganci mai yawa, ɓarna matsakaiciya, babu makami, babu ƙungiya. Ta ɗauki shekara uku, wato wata 36, a matsayin mafari. Final Kod bai ba da wannan adadin ba, kuma wani alƙalin na iya farawa daga ƙasa ko sama da haka kaɗan ba tare da ya yi kuskure ba. Amfanin faɗin mafarin shi ne kowa ya ga daga inda aka taso.

Ɗan dakon

Abu ɗaya ne ta ɗauka a matsayin mai ƙara nauyi na haƙiƙa, kuma shi ne ya juya shari'ar: ɗora laifin a kan ɗan dako.

Dalilinta shi ne wannan ba ya cikin ginshiƙan cin amana. Ana iya cin amana ba tare da an jefa kowa a cikin wahala ba. Mutumin nan ya san gaskiya sarai, ya duba cikin waɗanda ke kewaye da shi ya zaɓi wanda ba shi da mai tsaya masa, ya bar shi ya kwana uku a tsare, kuma bai buɗe baki ba sai da wani ya tona. Hakan ya ƙara mutum na biyu cikin waɗanda aka cuta, kuma cutar da aka yi masa ta taɓa 'yancinsa da sunansa, abin da dubu 900 da aka kai wa Alhaji ba su taɓa ba. Ya kuma nuna wani abu game da halin mai laifin a lokacin da aka matsa shi.

Amma ta yi taka-tsantsan. Ba a tuhume shi da ba 'yan sanda labarin ƙarya ba, wanda laifi ne mai zaman kansa, don haka ba za ta yanke masa hukuncin wannan ba ta bayan gida. Abin da ta yi shi ne ta ɗauke shi a matsayin yadda ya ɓoye laifin da ake shari'a a kansa. Kuma ta iya yin hakan ne domin maganar ta tabbata: ɗan dakon ya ba da shaida bisa rantsuwa, lauya ya yi masa tambayoyi, mai laifin kuma bai musanta ba lokacin da aka karanta masa bayanin abin da ya faru. Da a bakin mai gabatar da ƙara kawai aka ji ta a ranar hukunci, da ta bi sahun raɗe-raɗin kasuwa. Ta ƙara wata shida, lissafi ya kai 42.

Dalilan sassauci, ɗaya bayan ɗaya

Rashin tsohon laifi ta ba shi cikakken nauyi, amma da wata 'yar ƙura. A irin wannan laifi kusan kowa mai laifin farko ne, domin ba a ba wanda aka sani da sata makullin sito. Kyakkyawan sunansa shi ne ya buɗe masa ƙofar. Duk da haka, shekara takwas da ya yi yana aiki ba a taɓa samunsa da komai ba hujja ce cewa ba sana'arsa ba ce, kuma akwai fatan ya gyaru.

Rashin lafiyar mahaifiya ta duba shi da takarda a hannu. Da aka haɗa rasit ɗin, sun kama naira dubu 380, kuma duk kwanan watansu ya faɗa cikin wata biyu na farko. Ke nan matsin gaskiya ne, kuma yana bayyana yadda aka fara. Bai bayyana sauran wata biyar ba, bai kuma bayyana fiye da miliyan biyu da suka rage ba, waɗanda daga cikinsu aka sayi babur ɗin. Ta karɓi uzurin gwargwadon abin da ya rufe. Wannan, a ganina, shi ne daidai. Watsi da shi gaba ɗaya zalunci ne ga mutumin da ya ga uwarsa a kwance ba shi da kuɗin magani, karɓarsa gaba ɗaya kuma zai sa ciwon wata biyu ya wanke ɗibar wata bakwai.

Mayar da dubu 900 ta ba shi nauyi sosai, domin ya rage asarar da gaske, kuma an sayar da gona kafin a samu. Amma lokacin da aka biya yana da magana. Wanda ya dawo da kaya kafin a gano shi, nadamarsa ba ta buƙatar shaida. Wanda ya biya bayan ya ga hujja ta kama shi, ana gab da yanke hukunci, biyan nasa yana da amfani ga mai kaya amma bai faɗi abu mai yawa game da zuciyarsa ba. Akwai kuma haɗarin da alƙali ke kiyayewa: idan biya kaɗai yana goge ɗauri, mai dangi masu gona zai fita, wanda ba shi da kowa ya zauna, alhali laifinsu ɗaya.

Iyali kuwa, kusan duk wanda ya tsaya a gaban kotu yana da masu dogaro da shi. Wannan dalili yana yin ƙarfi ne idan an nuna wani abu da ya wuce na kowa, misali shi kaɗai ne mai kula da yaro marar lafiya kuma babu wanda zai karɓa. A nan matarsa tana nan, 'yan'uwansa kuma sun nuna suna iya tsayawa. Ta ambace shi, ta ba shi ɗan nauyi kaɗan.

Sai yafiyar Alhaji. Ta saurare ta da girmamawa, ta kuma sa ta cikin lissafi, domin ra'ayin wanda aka cuta yana da muhimmanci, musamman da yake ya nuna akwai hanyar gyara tsakaninsu. Sai dai Alhajin yana iya yafe nasa ne kawai. Ba shi da ikon yafe kwana ukun ɗan dako, kuma ba wanda ya ji ɗan dakon ya ce ya yafe.

Duka waɗannan a haɗe suka sauko da lissafin daga wata 42 zuwa 30.

Amsa laifi ta ware shi daban, ta yi shi a ƙarshe. Ana rage wa wanda ya amsa ne saboda ya hutar da shaidu, ya rage wa kotu aiki, kuma sau da yawa alama ce ta nadama. Saboda haka darajarsa tana raguwa da tafiyar lokaci. Mutumin nan ya amsa ne bayan manyan shaidu biyu sun riga sun sha tambayoyi, bayan ɗan dakon ya sake tsayawa a bainar jama'a yana kare kansa. Ya dai hutar da kotu daga sauran shaidu. Final Kod bai ƙayyade kason da za a rage ba, don haka ta rage wata shida, ta kuma rubuta cewa da a ranar farko ya amsa da ragin ya fi haka. Aka tsaya a wata 24.

Ɗauri ko tara

Saura tambayar da lauya ya fi damuwa da ita: dole ne sai an kai shi gidan gyaran hali?

Hujjarsa tana da ƙarfi. Mutumin da ke ɗaure ba ya samun kuɗi, Alhaji kuma kuɗinsa yake so. Ita kanta dokar 2015 ta ce a keɓe ɗauri ga waɗanda ya zama dole a raba su da jama'a, waɗanda wani nau'in hukunci bai yi musu aiki ba ko ba a sa ran zai yi. Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ma ta kafa sashen hukuncin da ba na tsarewa ba. A nan ne manufar mayar da haƙƙi ta ja gefe guda, manufar tsawatarwa ta ja ɗaya gefen.

Jingine hukunci ko aikin yi wa al'umma hidima ba su samu shiga ba. A tsarin dokar tarayya, sashe na 460 ya hana su a laifin da aka yi da makami, da laifin lalata, da wanda hukuncinsa ya haura shekara uku, wannan kuwa rufinsa goma ne. Saura tara ko diyya a madadin ɗauri. Ta ƙi tara saboda dalili mai sauƙi: tara asusun gwamnati take shiga, kuma duk nairar da dangin suka tara don biyanta an ɗauke ta ne daga abin da za a mayar wa Alhaji. Ta ƙi diyya ita kaɗai kuma saboda ma'anarta ita ce wanda ya ɗebi kaya sau goma sha ɗaya, ya sa aka kulle wani, abin da zai same shi kawai shi ne ya mayar da abin da ya ɗauka. A kasuwar da dukiyar miliyoyi ke kwana a hannun yaran sito bisa yarda kawai, ta ga wannan saƙo ne da bai kamata ya fito daga kotu ba. Ta faɗa a fili cewa ba don lamarin ɗan dakon ba, da ta karkata ga ɗauri gajere ƙwarai tare da diyya.

Hukuncin da ta karanta shi ne ɗaurin wata 24, ana lissafawa daga ranar da aka fara tsare shi, wato saura wata 20. Babu tara. Zai biya Alhajin sauran naira miliyan 1 da dubu 500 a matsayin diyya.

Inda nake da ja

Ina ganin tsawon ɗaurin ya yi daidai, kuma an kai gare shi ta hanya mai tsabta. Abu biyu ne suka tsaya min.

Umarnin diyyar bai faɗi yadda za a biya ba. Mutumin da albashinsa dubu 40 ne, wanda zai fito ba aiki, ba babur, kuma ba mai sake ba shi makulli, ko da zai riƙa ba da dubu 25 duk wata sai ya shekara biyar kafin ya gama. Umarnin da ba a tambayi ƙarfin mai biya ba kafin a yi shi yakan zama takarda kawai, ko kuma ya koma kan dangin da ba su ci ko ƙwaya ba. Da ta binciki abin da ya mallaka, ta tsara biyan kashi-kashi daga wani lokaci bayan fitowarsa, da Alhajin ya fi samun tabbas.

Na biyu shi ne ɗan dakon. Wahalarsa ce ta ƙara wata shida, ita ce kuma ta rufe ƙofar sassaucin da lauya ya nema, amma shi ya bar kotu hannu rabbana. Sashe na 78 yana maganar duk wanda laifin ya cutar. Ana iya gardama cewa cutarsa ta fito ne daga ƙaryar da aka yi masa, ba daga cin amanar da aka tuhuma ba, kuma wataƙila shi ya sa ba a taɓo batun ba. To amma wannan gardama ce da ya kamata mai gabatar da ƙara ya tayar a bar kotu ta yanke, ko kuma tun farko ya haɗa da tuhumar ba da labarin ƙarya, yadda haƙƙin mutumin zai samu wurin tsayawa.

Idan mai laifin ya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Jiha a kan tsananin hukunci, ba za a sauya shi don kawai alƙalan sama suna ganin da su ne da sun ba da wata 18 ba. Kotun ɗaukaka ƙara tana sa hannu ne idan an bi ƙa'idar da ba daidai ba, ko an lissafa abin da bai kamata ba, ko an manta da abin da ya kamata, ko hukuncin ya yi tsanani ko sauƙin da ya fita hankali. Da majistaren ta dogara da zancen tsohon kamu, ko ta ƙara masa don ya yi musu, ko ta manta da wata huɗun da ya yi a tsare, da lauyansa ya samu madafa. Da yake ta rubuta abin da ta karɓa, da abin da ta ƙi, da nauyin da ta ba kowanne, abin da ya rage masa ya kai sama shi ne batun diyyar da ba a auna da ƙarfinsa ba.